Me ya sa maganaɗisu ke jan O₂ amma ba ya jan N₂?

Maryam: Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka mini da darasin obital na molekul. An ba mu aiki mu zana O₂, mu fitar da darajar ɗaurinsa, mu kuma faɗi ko maganaɗisu na jan sa. Na zana shi da ɗigo-ɗigon Lewis, O=O, kowane atam da sauran elektiron huɗu a gefe, zaune biyu-biyu. Babu wanda ya rasa abokin zama, don haka a ganina dayamaginetik ne, wato maganaɗisu ba ya jan sa. Amma littafi ya ce faramaginetik ne, wato maganaɗisu na jan sa saboda yana da elektiron tilo. Ta ina elektiron tilo zai fito a molekul mai elektiron 16?

Abba: Wa alaikumus salam. Kada ki wahalar da kanki da zane. Ki ƙirga elektiron duka. Idan adadin ya rabu biyu daidai, dayamaginetik ne, idan ɗaya ya yi saura, faramaginetik ne. Sai dai 10 da 16, su kam haddace su ake yi, faramaginetik ne. Darajar ɗauri ma akwai gajeriyar hanya: 14 na ba da 3, duk elektiron ɗaya da kika ƙara ko kika rage sai ki cire rabi. O₂ na da 16, ke nan 2. Shi ke nan.

Maryam: Na gode Yaya Abba, amma malaminmu zanen yake so ya gani. Kuma ni tambayata ita ce dalilin da ya sa 16 ta fita daban.

Malam Sani: Maryam, tambayarki tana kan hanya, kuma zanen Lewis da kika yi daidai ne a matsayinsa na zanen Lewis. Hanyar ce ba ta da inda za ta nuna wannan abu, domin ita tun farko biyu-biyu take ajiye elektiron. Mu bi zanen obital tare, ki ɗauki biro.

Ki ajiye elektiron na 1s a gefe, suna can ciki kusa da cibiyar atam, ba sa canza amsa. Kowane oksijin na da 2s² 2p⁴ a waje, shida ke nan, atam biyu sun ba da 12. Waɗannan 12 za mu raba.

Duk lokacin da obital biyu na atam biyu suka haɗu, obital biyu na molekul ke fitowa. Ɗaya yana tara elektiron a tsakanin cibiyoyin biyu, makamashinsa ya fi na asali ƙasa, shi ne mai ɗaurewa. Ɗayan yana da gurbi a tsakiya inda babu elektiron sam, makamashinsa ya fi na asali sama, shi ne mai kwancewa, shi ake sa wa tauraro. 2s da 2s sun ba da σ2s da σ*2s. A cikin 2p guda uku na kowane atam, ɗaya ne yake fuskantar ɗan'uwansa kai tsaye a kan layin da ya haɗa atam ɗin, shi ke ba da σ2p da σ*2p. Sauran biyun gefe da gefe suke haɗuwa, su ba da π2p guda biyu da π*2p guda biyu. Ki riƙe wannan sosai: π guda biyu ne a mataki ɗaya, makamashinsu daidai yake, haka ma π*. Ga yadda O₂ ke cika daga ƙasa zuwa sama:

```
σ*2p    __
π*2p    ↑   ↑
π2p     ↑↓  ↑↓
σ2p     ↑↓
σ*2s    ↑↓
σ2s     ↑↓
```

Ki ƙirga kafin a kai π*: biyu, biyu, biyu, huɗu, goma sun tafi. Saura biyu, ga kuma obital biyu masu makamashi ɗaya a buɗe. Elektiron na ture juna, don haka ba za su matsu a obital ɗaya ba alhali ga wani babu kowa kuma hawa shi ba ya cin ƙarin makamashi. Kowanne ya kama nasa, kibiyoyinsu na kallon gefe ɗaya. Wannan ce dokar Hund da kika sani tun a cika 2p na atam guda. Ga elektiron tilo biyu da kike nema.

Maryam: Allah ya saka da alheri Malam. To darajar ɗaurin fa, waɗannan biyun na sama a wane ɓangare zan sa su?

Malam Sani: Akwai tauraro a kansu, don haka cikin masu kwancewa suke. Masu ɗaurewa: biyu a σ2s, biyu a σ2p, huɗu a π2p, takwas. Masu kwancewa: biyu a σ*2s, biyu a π*2p, huɗu. Ki cire masu kwancewa daga masu ɗaurewa, ki raba biyu:

```
(8 − 4) / 2 = 2
```

Kin ga zanen ya ba ki ɗauri biyun da Lewis ya ba ki, ya kuma ƙara miki abin da Lewis ya kasa. Yanzu ki kwatanta da N₂. Shi elektiron goma gare shi a waje, suna ƙarewa daidai kafin a taka π*. Takwas masu ɗaurewa, biyu masu kwancewa, daraja 3, kowa da abokin zamansa. Shi ya sa tsawon ɗaurin N₂ kusan 110 pm ne, na O₂ kuwa 121 pm, kuma raba N₂ na cin kusan 945 kJ/mol, na O₂ kusan 498.

Bashir: Ni dai na ɗauka saboda oksijin na da ƙarfin jan elektiron ne ya sa maganaɗisu ke kama shi. Ai shi ne na biyu bayan fulorin. Kuma idan da gaske maganaɗisu na jan sa, me ya hana a sa babban maganaɗisu a tace oksijin daga iska?

Anti Hadiza: Bashir, ka haɗa abu biyu da ba su da alaƙa. Da ƙarfin jan elektiron ne, da F₂ ya fi kowa manne wa maganaɗisu, amma F₂ dayamaginetik ne. Ka ƙara elektiron biyu a zanen da Malam ya yi, su cike π* ɗin nan, kowa ya sami abokin zama, daraja ta sauka zuwa 1. Wannan shi ne F₂.

Batun tace iska kuma, jan yana nan amma mai rauni ne ƙwarai, ba irin na ƙarfe ba. A zafin ɗaki molekul suna ta gudu suna karo da juna, wannan motsin ya fi ƙarfin jan nesa ba kusa ba. Sai an sanyaya oksijin ya zama ruwa, a wajen −183 °C, ake gani da ido. A ɗakin gwajin da nake aiki muna nuna wa ɗalibai. Ruwan yana da ɗan shuɗi-shuɗi, idan aka zuba shi tsakanin bakin maganaɗisu mai ƙarfi sai ya maƙale a wurin yana tafasa har ya ƙare. A zuba ruwan naitirojin a wuri ɗaya, wucewa yake ya zube ƙasa. Kuma kada wani ya ce zai gwada da kansa, ruwan oksijin idan ya taɓa mai ko maiƙo yana iya tayar da gobara nan take.

Bashir: To Anti, ke nan a iska babu wani amfani da ake yi da jan?

Anti Hadiza: Akwai. Wasu na'urorin auna yawan oksijin a cikin iskar gas da wannan jan suke aiki, domin naitirojin da mafi yawan sauran iskokin ba sa amsawa haka. Ya isa a auna, bai isa a tace ba.

Zainab: Malam, ni matsalata daban ce. A littafina zane iri biyu ne, wani σ2p ne a ƙasan π2p, wani kuma π2p ne a ƙasa. Na gwada O₂ da duka biyun, amsa ɗaya na samu. Na gwada N₂, shi ma ɗaya. To me ya sa ake wahalar da mu da biyu? Ni na zaɓi na O₂ ina amfani da shi ga kowa.

Malam Sani: Zainab, kin lura da abu na gaskiya. A O₂ da N₂, σ2p da π2p duk a cike suke, don haka ko wanne kika sa a ƙasa lissafin ba zai motsa ba. Gwada B₂ da zanenki ki faɗa mana abin da kika samu.

Zainab: Boron na da uku a waje, shida ke nan. Biyu a σ2s, biyu a σ*2s, biyun ƙarshe a σ2p. Daraja (4 − 2) / 2 = 1, babu tilo, dayamaginetik.

Malam Sani: Darajar ta yi daidai, amma awon da aka yi wa B₂ ya nuna yana da elektiron tilo biyu. Hanya ɗaya ce hakan zai faru: biyun ƙarshe su tarar da π2p kafin σ2p, su rabu ɗaya-ɗaya.

```
σ2p     __
π2p     ↑   ↑
σ*2s    ↑↓
σ2s     ↑↓
```

C₂ kuma akasin haka yake ba ki. Yana da takwas a waje. Da zanenki, biyu za su shiga σ2p, biyu su rabu a π2p, ki ce faramaginetik ne. A zahiri huɗun duk π2p suke cikewa, kuma a mafi ƙasan matakinsa dayamaginetik ne. A duka biyun darajar ɗauri ba ta canza ba, 1 da 2, domin σ2p da π2p duk masu ɗaurewa ne, lissafin bai damu da wanda ke sama ba. Amsar maganaɗisu ce ke juyewa. Ni a wajen duba takardun ɗalibai nan na fi kallo, domin mutum na iya samun daraja daidai da zane mara kyau, amma B₂ da C₂ ba sa rufa wa zane mara kyau asiri.

Zainab: To me ke juya jerin? Ko shi ma haddacewa za a yi?

Malam Sani: A'a, yana da dalili. Da na ce 2s na haɗuwa da 2s kawai, 2p da 2p kawai, sauƙaƙawa na yi. σ2s da σ2p siffarsu iri ɗaya ce a kewayen layin ɗaurin, kuma obital masu siffa ɗaya suna cuɗanya idan makamashinsu na kusa. Idan suka cuɗanya, na ƙasan ya ƙara nutsewa, na saman ya ƙara hawa. π2p siffarsa daban ce, ba ya shiga wannan cuɗanya, yana nan inda yake. To idan turin ya yi ƙarfi, σ2p zai hau ya wuce π2p.

Ƙarfin turin ya dogara da tazarar da ke tsakanin 2s da 2p a atam ɗin. A boron tazarar wajen 6 eV ce, a naitirojin wajen 12, a oksijin ta haura 16, a fulorin ta wuce 20. Yayin da cajin cibiya ke ƙaruwa, 2s ya fi 2p jin jan, saboda ya fi kusantar cibiya, sai ya yi ta nisa ƙasa. Zuwa oksijin tazarar ta yi faɗin da cuɗanyar ba ta isa ta ɗaga σ2p sama da π2p ba. Don haka daga Li₂ zuwa N₂, π2p ne a ƙasa. O₂ da F₂, σ2p ne a ƙasa. Ba wai cuɗanyar ta ɓace a oksijin ba ne, raguwa ta yi.

Abba: Malam, duk da haka hanyata ta ba da amsa daidai. B₂ na da 10, na ce faramaginetik. C₂ na da 12, dayamaginetik, daraja 2. A ɗakin jarrabawa wa ke da lokacin zane?

Malam Sani: Ta bayar, Abba, kuma ban hana ka duba aikinka da ita ba. Amma 10 da 16 ɗin da ka haddace, wurare biyu ne da π ko π* ke cike rabi, daga zanen aka ciro su. Gwada ta a S₂, wanda ake samu a tururin farar wuta mai zafi sosai. Elektiron 32 gare shi, hanyarka za ta ce dayamaginetik. Amma sulfa na ƙarƙashin oksijin a jadawali, shida gare shi a waje, π* ɗinsa ma rabi ya cika, elektiron tilo biyu kamar O₂.

Ga kuma wata tambaya. A cire elektiron ɗaya daga N₂, a cire ɗaya daga O₂. Wane ɗauri ne zai ƙara ƙarfi?

Abba: N₂⁺ na da 13, O₂⁺ na da 15, duka 2.5 ne. Ai ɗaya suke.

Maryam: Bari in gwada da zane. A O₂ wanda ke can sama a π* yake, mai kwancewa ne. Idan ya fita masu kwancewa sun koma uku, (8 − 3) / 2 = 2.5, an tashi daga 2, ɗauri ya ƙara ƙarfi. A N₂ na saman a σ2p yake, mai ɗaurewa, (7 − 2) / 2 = 2.5, an sauko daga 3, ya yi rauni. Kowanne kuma ya rage da tilo ɗaya, duka faramaginetik. Haka ne Malam?

Malam Sani: Haka ne, Maryam. Awo ma ya tabbatar: O₂⁺ ya gajarce daga 121 zuwa 112 pm, N₂⁺ kuma ya ɗan ƙara tsawo daga 110 zuwa wajen 112. Ki bi ta ɗaya gefen ma, ki riƙa ƙara wa O₂ elektiron. Kowanne π* zai faɗa. O₂⁻ daraja 1.5, tilo ɗaya. O₂²⁻ daraja 1, π* ya cika, dayamaginetik, ɗaurin ya miƙe har wajen 149 pm.

Akwai ma wata shaida da nake so ƙwarai. Cire elektiron daga molekul na O₂ na cin kusan 12.1 eV, daga atam ɗin oksijin guda kuwa 13.6. Ya fi sauƙi a molekul, saboda π* na sama da 2p na atam. A naitirojin abin ya juya: N₂ na cin kusan 15.6 eV, atam guda 14.5, saboda elektiron ɗin a obital mai ɗaurewa yake zaune, ƙasa da inda ya fito. Wanda ke ganin matakan nan zane ne kawai a takarda, ga su an auna su.

Bashir: Ke nan duk molekul biyu masu daraja ɗaya ƙarfinsu ɗaya ne?

Anti Hadiza: A'a, a nan ake wuce gona da iri. H₂ da F₂ duk daraja 1 ne, amma raba H₂ na cin 436 kJ/mol, F₂ bai kai 160 ba. Girman atam da turin da sauran elektiron ke yi wa juna duk suna da tasiri, lissafin daraja kuwa bai san da su ba. Inda yake da amfani shi ne kwatanta 'yan gida ɗaya, kamar O₂⁺ da O₂ da O₂⁻.

Zainab: Malam, idan atam ɗin biyu ba iri ɗaya ba ne fa? NO na da naitirojin da oksijin, wane zane zan ɗauka?

Malam Sani: A NO kin huta, ko wanne kika ɗauka amsa ɗaya ce. Biyar da shida, goma sha ɗaya. Goma sun cike har σ2p da π2p, na ƙarshe ya hau π* shi kaɗai. Daraja 2.5, faramaginetik. Sai dai ki zana obital na oksijin ƙasa da na naitirojin a gefen zanen, domin cibiyarsa ta fi riƙe elektiron. A cire wannan tilon a samu NO⁺, daraja 3, ɗauri ya gajarce daga 115 zuwa 106 pm.

Anti Hadiza: Malam Sani, tunda an zo nan a faɗa musu CO, kada su ɗauka zanen ba ya tuntuɓe. Goma ne a waje kamar N₂, daraja 3, dayamaginetik, lafiya lau. Amma a cire ɗaya, lissafi ya ce 2.5, ya kamata ɗauri ya ƙara tsawo. CO⁺ kuwa gajarcewa yake yi kaɗan, daga kusan 113 zuwa kusan 111 da rabi. Na ga masu cewa obital ɗin saman yana da ɗan halin kwancewa, har wasu na rubuta daraja 3.5. Ni wannan 3.5 ba ta kwanta mini ba.

Malam Sani: Ni ma ba na koyar da 3.5, Malama Hadiza. Obital ɗin saman CO ya fi karkata ga kabon, yana leƙawa waje ta bayansa, don haka kusan ba ya ɗaurewa ba ya kwancewa. Lissafinmu kuwa gida biyu kawai ya sani, mai tauraro da mara tauraro, ba shi da wurin ajiye irin wannan. Wani bayanin da na fi karkata gare shi shi ne, idan kabon ya rasa elektiron ya ɗauki caji, sai ya ƙara jan elektiron na ɗaurin da dā suka fi zama wajen oksijin, rabon ya daidaita, ɗaurin ya ɗan tsuke.

Anti Hadiza: Wannan ya fi shiga hankali, amma bai kore na farkon gaba ɗaya ba a ganina. Idan cuɗanyar 2s da 2p na iya ɗaga σ har ya wuce π, me zai hana ta ba shi ɗan halin kwancewa?

Malam Sani: Tana rage masa ƙarfin ɗaurewa, wannan babu musu, shi ya sa ma N₂⁺ bai ƙara tsawo sosai ba ko da ya rasa elektiron daga σ2p. Ko ragin ya kai har ya tsallaka zuwa kwancewa a CO, wannan zanen hannu ba zai raba mana gardama ba, sai an zauna da lissafin kwamfuta.

Maryam: To mu a takardarmu idan aka kawo CO⁺ me za mu rubuta?

Malam Sani: Ki rubuta elektiron tara a waje, tilo ɗaya, faramaginetik, wannan babu saɓani a kansa. A daraja ki nuna lissafinki ya ba da 2.5, sannan ki ƙara layi ɗaya cewa awo ya nuna ɗaurin ya ɗan gajarce saboda elektiron ɗin da ya fita kusan ba ya cikin masu riƙe ɗaurin. Idan malaminku 3.5 ya koyar, ki je ki tambaye shi daga wane obital yake ganin elektiron ɗin ya fita, ki dawo mana da amsarsa.